Rufu'ar da na haɗiye, da yadda ake yanka baitin Larabci

Shekarata ta biyu ina koyar da Larabci a wata makarantar faranko-arab aka ɗora mini shirya abin da yara za su rera ranar rabon sakamako. Na ce ba sai mun ɗauko tsohuwar ƙasida ba, ni da kaina zan tsara. Na zauna dare biyu na fito da baitoci bakwai, yara suka haddace, muka yi ta bita da yamma har bakinsu ya faɗa. Baitin farko shi ne wannan, kuma nawa ne, kada wani ya je nemansa a littafi:

Katabal waladu fi lauhihi darsad duha,
Wa mu'allimun bi jiwarihi yatabassamu.

Wato yaro ya rubuta darasin hantsi a allonsa, ga wani malami a gefensa yana murmushi.

Ana saura kwana uku taro, wani dattijo da ke zuwa ɗaukar jikarsa ya tsaya bakin taga yana saurare. Tsohon almajirin zaure ne, bai taɓa zama a bencin lakwal ba. Da aka tashi ya kira ni gefe, can inda yara ba za su ji ba, ya ce: "Ɗana, wa ya yi waƙar nan?" Na ce: "Allah gafarta Malam, ni ne." Ya ce: "To karanta mini farkonta, amma ban da rauji. Karanta kamar kana karanta wasiƙa." Na karanta. Ya ce in sake. Na sake. Sai ya ce: "Da kuna rerawa cewa kuke *walad*, yanzu kuma ka ce *waladu*. Wanne ne? In ka haɗiye rufu'a nahawu ya karye, in ka fito da ita baiti ya karye. Zaɓi wanda za ka karya gaban iyayen yara."

Ban yi barcin kirki ba a daren. Na yi aruli a makaranta, na ci jarrabawarsa, ina iya jero sunayen baharai goma sha shida ba tare da na numfasa ba. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in ɗauki baitin da ba na cikin littafin darasi in yanka shi da hannuna. Ina jin da yawa daga cikinmu malamai haka muke, shi ya sa nake son in bi wannan baitin sannu a hankali, yadda daga baya na koyi bi da ɗalibaina.

Halilu ɗan Ahmad Alfarahidi, mutumin Basra da ya rayu a ƙarni na 8, shi ya tsara ilimin aruli. Ya fitar da baharai goma sha biyar, ana kuma jingina na goma sha shida, Mutadarak, ga Ahfash. Shi Halilu haruffa yake ƙirgawa: harafi mai wasali da harafi mai ɗauri. Littattafan Larabci har yau haka suke yi, suna sa `/` ga mai wasali, `o` ga mai ɗauri. Hanyar da nake bi a aji ta gaɓoɓi ce, doguwa da gajeruwa, kuma sakamakonsu ɗaya ne. Na fi son ta gaɓoɓi don dalili guda: yaron da ya tashi da Hausa yana da ita a kunnensa tun kafin ya san alif.

Ga abin da nake nufi. Ka ce wa yaro "na tafi gari", sannan ka ce "na sayo gari". A boko rubutunsu ɗaya, amma ba yaron da zai rikita su, domin a na farko *ga* gajeruwa ce, a na biyu an ja ta, *gaa*. Wannan bambanci shi ne tushen aruli baki ɗaya. Gajeruwar gaɓa baƙi ne da gajeren wasali, kamar *ka*, *ta*, *bi*. Za mu sa mata alamar v. Doguwar gaɓa iri biyu ce: ko dai baƙi da dogon wasali, kamar *taa* da *fii*, ko kuma baƙi da wasali da wani baƙi da ya rufe gaɓar, kamar *bal*, *dar*, *mun*. Alamarta –. Irin su *lau* da *shai* su ma dogaye ne, don wawun da ya'un da ke cikinsu ɗauri gare su. Wanda ya saba da alamomin littafi ba zai ɓata ba: duk `/` da `o` ke bi ta zama doguwa, duk `/` da ke tsaye ita kaɗai gajeruwa ce.

Kafin a ƙirga komai sai an sake rubuta baitin yadda ake furta shi. A nan ne mafi yawan ɗalibai ke faɗuwa, domin idonsu ya saba da rubutu, aruli kuwa ba ruwansa da abin da ido ya gani. Abin da aka furta a rubuta shi ko da babu shi a takarda, abin da ba a furta ba a zubar da shi ko da an rubuta. Zan ninka wasali wajen nuna dogo, tun da bokonmu ba ta nunawa.

Mu ɗauki baitin bayan gyara. Gyaran da na yi kalma ɗaya ce, na cire *waladu* na sa *fata*, wato saurayi ko matashi. Rabin farko ya zama:

katabal fataa fii lauhihii darsad duhaa

A duba abin da ya faru. A rubuce *kataba* daban take, *alfata* daban. A baki kuwa alif ɗin *al* ya faɗi, lam ɗinsa ya manne wa *ba*, suka zama gaɓa ɗaya, *bal*. Haka *darsa* da *adduha*: alif ya faɗi, lam ma ya narke cikin harafin da ke bayansa, shadda ta fito. Harafi mai shadda kuwa haruffa biyu ne, na farko da ɗauri, na biyu da wasali, shi ya sa muka samu *sad* sannan *du*. Sai *lauhihi*: ha ɗin ƙarshe na lamiri ne, a rubuce gajere, amma da yake yana tsakanin haruffa biyu masu wasali ana jan sa, ya zama *hii*. Yaran da suka yi tajwidi sun san wannan ja, sai dai ba su san yana da hannu a waƙa ba.

Yanzu a yanka:

ka ta bal fa taa / fii lau hi hii / dar sad du haa
v v – v – / – – v – / – – v –

Rabi na biyu kuma:

wa mu 'al li mun / bi ji waa ri hii / ya ta bas sa muu
v v – v – / v v – v – / v v – v –

A nan tanwinin *mu'allimun* ya zama nun mai ɗauri a fili, shaddar lam ta rabu biyu, *'al* da *li*, haka shaddar sin. Rufu'ar ƙarshen baiti an ja ta, *muu*, domin gaɓar ƙarshen baiti kullum doguwa ake ɗaukarta.

Waɗannan gungu-gungu da na raba da sanda su ne ƙafafuwa. Larabawa sun ba kowace ƙafa suna daga haruffan *fa'ala*, kuma sunan shi kansa ma'auni ne: in ka furta shi ka ji nauyin ƙafar. Mai gajeru biyu, doguwa, gajeruwa, doguwa ita ce *mutafaa'ilun*. In ta zo sau uku a kowane rabi, baharin sunansa Kamil. Shi ne baharin mu'allaƙar Antara da ta Labidu. Mai dogaye biyu, gajeruwa, doguwa kuma ita ce *mustaf'ilun*.

Na daɗe ina fama da yara kan waɗannan sunaye, suna haddacewa kamar sunayen magunguna, ba sa jin komai a cikinsu. Wata rana na ce su bar Larabcin, su ce "a gidan biki". Suka ce. Na ce su tafa. A-gi-dan-bi-kii: gajeru biyu, doguwa, gajeruwa, doguwa. *Mutafaa'ilun* ke nan ba ƙari ba ragi. Sannan na ce su ce "almajiri". Al-maa-ji-rii, dogaye biyu, gajeruwa, doguwa, *mustaf'ilun*. Har "malami" ma ƙafa ce, maa-la-mii, wato *faa'ilun*, wadda ke haɗuwa da *mustaf'ilun* su ba da Basiɗ, baharin Burda. Tun daga ranar ajina ya koma yanka baiti da "a gidan biki" da "almajiri", sai a ƙarshe mu sa sunayen Larabci. Wani abokin aikina ya ce na mai da aruli wasan yara. Ban musa masa ba, amma na lura ɗalibansa suna zuwa aron kayen ɗalibaina in jarrabawa ta matso.

Mai karatu zai ce, to ai rabin farko na baitinka ƙafa ɗaya ce kawai *mutafaa'ilun*, sauran biyun *mustaf'ilun* ne, yaya aka yi ya zama Kamil? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace amfani, kuma a nan nake son in daɗe.

Ƙafa ba dutse ba ce, tana da sassan da ke motsi da sashen da ba ya motsi. Halilu ya ɗauko sunayensu daga tantin Balaraben ƙauye. *Baiti* ɗaki ne. Ana kafa shi da *watad*, wato turke, da *sabab*, wato igiya. Duk wanda ya taɓa ɗaure akuya ya san igiya tana sassautawa tana tsukewa, turke kuwa yana nan inda aka kafa shi. A cikin *mutafaa'ilun* turken shi ne *'ilun* na ƙarshe, gajeruwa da doguwa. Gabansa akwai igiyoyi biyu: *muta*, gajeru biyu, da *faa*, doguwa ɗaya. Canjin da ke shiga igiya sunansa zihafi, kuma mawaƙi yana da izinin yin sa a wannan ƙafa ya bar shi a waccan, ba wanda zai ce ya yi laifi.

Zihafin da ya fi yawa a Kamil shi ne ilmari. Ana ɗaure harafi na biyu, *muta* ta koma *mut*. A harshen gaɓoɓi, gajeru biyu sun dunƙule sun zama doguwa ɗaya. "A gidan biki" ta koma "almajiri". Lokacin da baki ke ɗauka wajen furta su kusan ɗaya ne, shi ya sa kunne ba ya jin an yi ɓarna. *Mutfaa'ilun* da *mustaf'ilun* nauyinsu ɗaya, sai aka saba kiran ta da suna na biyu. Saboda haka *fii lauhihii* da *darsad duhaa* ƴaƴan Kamil ne na halal, ilmari ne kawai ya shige su.

Matsalar ita ce akwai wani bahari da asalin ƙafarsa *mustaf'ilun* ce sau uku a kowane rabi, wato Rajaz. Shi ne wanda yaranmu suka fi ji a rayuwarsu ko ba su san sunansa ba, domin da shi aka tsara Alfiyyar ɗan Malik, da littafin Ibnu Ashir, da Tuhfatul Aɗfal ta tajwidi. Larabawa suna masa laƙabi da jakin mawaƙa, saboda kowa na iya hawansa. To in aka ba ka rabin baiti duk ƙafafunsa "almajiri" ne, Rajaz ne ko Kamil da ya sha ilmari?

Bari in sauya farkon baitina don a gani:

yat lul fa taa / min lau hi hii / dar sad du haa
– – v – / – – v – / – – v –

Ma'anarsa saurayi yana karanta darasin hantsi daga allonsa. A lura da *yatlu*: a rubuce tana da wawu, *yatluu*, amma da ta ci karo da lam mai ɗauri wawun ya faɗi, aka samu *lul*. Ɗalibin da ya bi rubutu zai ƙirga *luu* sannan ya rasa inda zai kai lam ɗin.

Wannan rabin shi kaɗai ba ya faɗin baharinsa. Duk malamin da ya ba yara irinsa a jarrabawa ya ce su faɗi bahari, sannan ya kayar da wanda ya ce Kamil, bai yi adalci ba. Sai an ci gaba da karatu. In abin da ya biyo baya shi ne *wa mu'allimun bi jiwarihi yatabassamu*, magana ta ƙare, Kamil ne, domin Rajaz ba ya taɓa haifar da ƙafa mai gaɓa biyar. Zihafi ragewa yake yi: yana ɗaure harafi ko ya cire shi, ba ya ƙara wasali inda babu. Ana iya sauka daga *mutafaa'ilun* zuwa *mustaf'ilun*, ba a iya hawa daga *mustaf'ilun* zuwa *mutafaa'ilun*. Ƙafa ɗaya tak mai gaɓa biyar a cikin ƙasida ta isa ta yanke hukunci.

In kuwa abin da ya biyo baya irin wannan ne:

wa shai hu huu / yas ma 'u huu / wa ƙad sa haa
v – v – / – v v – / v – v –

wato shaihinsa yana saurarensa, ga shi ya farka (na san wasu malaman zaure za su ce da su nake), to mun shiga Rajaz. A nan igiyoyin ta wata hanya suka sassauta. A ƙafa ta farko da ta uku doguwar farko ta gajarce, wannan shi ne habni. A ta biyu doguwa ta biyu ce ta gajarce, shi ne ɗayyi. Wani lokaci ma duka biyun kan gajarce a samu gajeru uku da doguwa. Waɗannan sauye-sauye a Rajaz ruwan dare ne, ka buɗe Alfiyya ko'ina za ka same su. Littattafan aruli sun ambaci kwatankwacin biyun farko a Kamil, amma ba safai ake cin karo da su ba, kuma ba a yaba su. Adadin gaɓoɓin bai canza ba, huɗu-huɗu ne a kowace ƙafa, kuma kowace ta ƙare da gajeruwa da doguwa. Turke yana nan. Akwai kuma wata alama ta waje da ke taimakawa: a waƙoƙin ilimi na Rajaz rabin farko da na biyu ne ke amsa wa juna amo, kamar *duha* da *saha*, baiti na gaba kuma ya zo da nasa amon. Ƙasida kuwa amo ɗaya take riƙewa daga farko har ƙarshe.

Abin da nake gaya wa ɗalibai ke nan in sun tsaya gaban jerin alamomi sun rasa inda za su sa sanda: kada su fara da neman sunan bahari. Su nemi turaku tukuna, wato inda gajeruwa da doguwa ke dawowa a tazara ɗaya. A Kamil da Rajaz turken yana ƙarshen ƙafa, sai a sa sanda bayansa. Sannan a dubi abin da ya rage tsakanin turke da turke. In gaɓa biyu ne kullum, Rajaz. In wani wuri uku ne, gajeru biyu da doguwa, Kamil.

Yanzu mu koma ga laifina. Ga yadda baitin yake in an fito da rufu'ar:

ka ta bal wa la du fii lau hi hii dar sad du haa
v v – v v v – – v – – – v –

Farkon lafiya lau: gajeru biyu, doguwa, gajeruwa. A wuri na biyar doguwa ake jira don turke ya cika, sai ga *la*, gajeruwa, bayanta kuma ga *du*, wata gajeruwar. Gajeru uku sun jeru, abin da ba ya faruwa a Kamil ko da wane zihafi aka shigar. Gaɓoɓin sun zama goma sha huɗu inda tsarin nan ke son goma sha uku. Wannan ba zihafi ba ne, karaya ce, domin turken ne ya tumɓuke. Abin da bakina ya yi ba da sanina ba shi ne ya ɗaure dal, ya ce *walad*, sai *lad* ta zama doguwa, ƙafa ta cika, kunnena ya gamsu. Na sayi karin waƙa da kuɗin nahawu. Yara arba'in da wani abu kuma suka haddace fa'ili ba rufu'a a tsakiyar magana, daga bakin malaminsu na Larabci.

Dattijon bai san *mutafaa'ilun* da sunanta ba, na tambaye shi daga baya. Shekaru ya yi yana rera ƙasidu a zaure har ma'aunin ya zauna masa a ƙirji. Amma dabararsa ita ce daidai: ya cire rauji. Rauji mayaudari ne. Mai rerawa yana iya jan gajeruwa ta yi tsawon numfashi, yana iya tattara gaɓa uku ya jefa su a bugu ɗaya, masu sauraro kuma ba za su ji komai ba sai daɗi. Duk wanda zai yanka baiti ya karanta shi a bushe tukuna, da cikakken i'irabi, kowane wasali a wurinsa.

Akwai wasu tarkuna biyu da na ga sun fi kama yaranmu, kuma ban same su a littattafan da aka rubuta don ƴaƴan Larabawa ba, domin su ba su da matsalar.

Na farko daga Hausa yake. Harshenmu yakan tsoma wasali tsakanin baƙaƙe in ya ari kalma, shi ya sa *dars* ta zama darasi. Yaro zai zo kan *darsad duha* ya ce *darasad duha* bai ma san ya yi ba. Dubi abin da wannan wasali ɗaya ya jawo: da-ra-sad-du-haa, gajeru biyu, doguwa, gajeruwa, doguwa. "Almajiri" ta koma "a gidan biki". A Kamil baitin bai karye ba, saboda haka kunne ba zai yi ƙorafi ba, sai dai ma'ana ta tafi, don *darasa* aikatau ne. A Rajaz kuwa abin ya fi muni: yaron zai ga ƙafa mai gaɓa biyar, ya bi ƙa'idar da na koya masa daidai, ya rubuta Kamil, ya faɗi. Na taɓa samun kusan rabin aji da wannan amsar, na yi ta neman inda bayanina ya karkace, ashe bayanin lafiyarsa lau, furucin ne. Tun daga nan ba na bari a fara yanka sai an sa wa baiti wasulla da ɗauri a allo, kowa ya karanta da ƙarfi na ji.

Na biyu daga tajwidi yake, kuma yaran da suka fi ƙoƙari a Alƙur'ani su ya fi kamawa. Sun koyi cewa madda tana da tsawo iri-iri, wata biyu, wata huɗu, wata shida, sai su so su ba mai tsawo alama biyu. A aruli doguwa doguwa ce, ko an ja ta har gobe. Haka ƙalƙala: dal ɗin *ƙad* ana ɗan girgiza shi, yaro ya ji kamar an ce *ƙada*, ya ƙirga gajeru biyu. Harafin ɗauri gare shi, gaɓar ɗaya ce, doguwa. Iyaye da ke taya yara bita a gida su lura da wannan, kada su ce yaron ya daina ƙalƙala. Karatunsa daidai ne, ƙirgar ce za a gyara.

Hanyar gaɓoɓi tana da iyakarta, kuma gara in faɗa. Tana nuna maka abin da ke cikin baiti, amma ita kaɗai ba ta gaya maka wane canji aka yarda da shi. Wannan sai ka san ina igiya take, ina turke yake, wato sai ka koma wa Halilu. Haka kuma ƙafar ƙarshe ta kowane rabi tana da nata hukunci. A can ana iya taɓa turken kansa, misali *mutafaa'ilun* ta koma *mutafaa'il*, gajeru biyu da dogaye biyu, nauyin kalmar "makaranta". Wannan sunansa illa, kuma ba kamar zihafi ba, in mawaƙi ya shigar da ita a ƙarshen baitin farko dole ya riƙe ta har ƙarshen ƙasida. Ɗalibin da bai san haka ba zai ga ƙafar ƙarshe ta gaza ya ce baiti ya karye, alhali lafiyarsa lau. Ni dai ba na taɓa wannan babi sai yara sun yanka baitoci masu yawa na Kamil da Rajaz har hannunsu ya saba. Kuma ba na ƙara bahari na uku kafin nan. Manhaja tana son a gama goma sha shida a shekara, na sani, amma na ga abin da gama su ya yi mini.

Washegarin maganarmu da dattijon na yanka sauran baitoci shida a kaye, ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga ciki suna da irin wannan ciwo, ɗaya kuma ya zame daga Kamil gaba ɗaya ban san inda ya nufa ba, na jefar da shi. Na shiga aji na gaya wa yara cewa malaminsu ya yi kuskure, za a canza kalmomi uku. Canza abin da yaro ya riga ya haddace ya fi koya masa sabo wuya, kwana biyun nan mun sha fama. Ranar taro mafi yawansu suka ce *fata*, ƴan layin baya kuma na ji su sarai suna cewa *walad*. Dattijon yana zaune a sahu na biyu da carbinsa. Da aka zo wurin ya ɗago kai ya dube ni, sannan ya mai da kansa ƙasa ya ci gaba da ja.